Nazarin Lamari: Ɗalibin da Ya Haddace Jadawali Amma Ya Kasa Faɗin Wanda Zai Biya Bashi

Asalin lamarin: Satumba 2023

Ɗalibin ɗan aji shida ne a wata sakandare a Kano, ɓangaren kasuwanci, yana shirin zana jarrabawar WAEC da NECO a ƙarshen shekarar karatu ta 2023/2024. Bayan an tashi daga makaranta yakan wuce kasuwar Singa ya taya kawunsa tsaron shagon kayan masarufi, sai da yamma ya zo lesin da nake koyar da darasin Kwamas. Ba jahilin kasuwa ba ne. Ya san yadda ake karɓar kaya bashi a hannun dila a biya bayan an sayar, ya san littafin bashi, ya kuma san fuskar mai bin kuɗi idan alkawari ya wuce.

Tsarin jarrabawar Kwamas ta WAEC kashi biyu ne. Akwai tambayoyin zaɓi guda 50, waɗanda ɗalibai ke kira objektif, sannan akwai tiyori, inda ake ba da tambayoyi 8 a amsa 5 cikin awa 2. Babin nau'o'in kasuwanci ba ya cika ɓacewa a takarda, kuma yawancin tambayoyinsa a kan abu uku suke kewayawa: wa ke ɗauke da alhakin bashi, shin kasuwancin zai ɗore bayan mai shi, da kuma ta ina ake samo jari. Ana so ɗalibi ya jera kasuwancin mutum ɗaya, da na tarayya, da kamfani, ya auna su a kan waɗannan ukun. Da Turanci ake rubuta amsa, amma a lesin da Hausa muke tattaunawa kafin a rubuta, don haka da Hausa zan kawo tambayoyin da amsoshinsa a nan.

Gwajin farko: Oktoba 2023

Na ba ajin tambayoyin zaɓi 20 daga wannan babi kaɗai, da tambayar tiyori ɗaya mai maki 20. Ya ci 11 a zaɓi, ya ci 6 a tiyori.

Tambayar tiyorin ta ce a kawo bambanci biyar tsakanin tarayya da kamfani mai Ltd a ƙarshen sunansa. Ga uku daga cikin abin da ya rubuta. Na farko: "Bashin kamfani yana da iyaka." Na biyu: "Kamfani yana sayar da hannun jari ga jama'a." Na uku: "Tarayya mutum biyu zuwa ashirin ne." A na ukun gaskiya ya faɗa, amma bai kawo ɗaya ɓangaren ba, kuma bambanci ba ya tabbata da gefe guda. Na farko da na biyu kuwa kuskure ne, ko da yake kunnen da ya saba da aji zai ji kamar daidai ne.

Da na zauna da shi muna bin takardar, sai wani abu ya fito wanda ba ya cikin rubutun. Na tambaye shi shagon kawunsa wane nau'i ne, ya ce kamfani ne. Hujjarsa ita ce akwai satifiket na Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, an sa shi a firam an rataye a saman teburin kuɗi, kuma sunan shagon yana kan rasit. Na ce ya duba ƙarshen sunan da lambar rajistar ya zo mini da su. Washegari ya zo da amsa: babu Ltd, kuma lambar da BN ta fara, ba da RC da ake ba kamfanoni ba. Wato rajistar sunan kasuwanci ce kawai. Irin wannan rajista tana tabbatar wa mutum sunan da yake sana'a da shi, tana sauƙaƙa masa buɗe asusun banki da sunan, amma ba ta raba shi da shagonsa a idon doka.

Abin da aka fara gwadawa: Nuwamba zuwa Disamba 2023

A makarantarsu an ba su jadawali mai layi uku da shafi uku. A layin alhaki an rubuta: mara iyaka, mara iyaka, mai iyaka. A layin ɗorewa: babu, babu, akwai. A layin jari: kaɗan, matsakaici, mai yawa. Ya haddace shi tsaf, kuma tun da yaro ne da ya yi allo, hadda ba ta ba shi wahala. Ya haɗa da littafin tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa tare da amsoshi a baya, yana bin su shekara-shekara.

A farkon Disamba na sake gwada su da tambayoyi 20 na zaɓi. Goma daga ciki irin waɗanda ke tambaya kai tsaye ne, kamar wane nau'in kasuwanci ne masu shi ke da iyakantaccen alhaki. Ya ci 9. Sauran goman kuwa gajeren labari ne da adadi a ciki, kuma 3 kacal ya ci. Ɗaya daga cikinsu ta ce wani ya sayi hannun jari 10,000 na naira ɗaya-ɗaya, ya biya kobo 70 a kowanne, sai kamfanin ya karye. Nawa za a nema a hannunsa? Ya zaɓi "ba komai", saboda jadawali ya ce alhaki mai iyaka ne. Amsar ita ce naira 3,000. Wata kuma ta tambayi matsayin abokin tarayya da ya sa kuɗi amma ba ya zuwa shago. Ya zaɓi cewa jarinsa kaɗai zai rasa.

A tiyori ya tashi daga 6 zuwa 9. Ƙarin ya zo ne daga kawo ɓangarori biyu. Inda tambaya ta ce a yi bayani kuwa, kalma ɗaya yake ajiyewa ya wuce, domin ita kaɗai ke cikin akwatin jadawalin.

Shago ɗaya, bashi ɗaya: Janairu 2024

Da aka dawo hutu muka ajiye jadawali gefe. Na zana misali ɗaya a allo, na ce da shi za mu zauna har babin ya ƙare. Shagon sukari da shinkafa ne wanda aka kafa da jarin naira miliyan 10. Kasuwa ta juya, dila yana bin shagon naira miliyan 10, kuma da aka sayar da duk abin da ke ciki, har da sikeli da kanta, naira miliyan 6 aka samu. Saura miliyan 4. Tambayar da zai amsa a kowane zama ita ce: ƙofar wa dila zai ƙwanƙwasa?

Idan shagon na mutum ɗaya ne, amsar ba ta ɗauki minti ɗaya ba, don ya taɓa gani da idonsa a kasuwa. Dila zai bi mai shagon har gida. Idan ta kai kotu, motarsa, filinsa, ko kuɗin da ke asusunsa na kansa duk suna iya shiga biyan miliyan 4 ɗin. Abin da na nemi ya ƙara shi ne dalili, kuma dalilin shi ne doka ba ta ganin mutum biyu a nan. Shagon ba ya cin bashi, mai shagon ne ya ci. Satifiket ɗin da ke jikin bangon kawunsa bai canja wannan ba.

Sai muka mayar da shagon na mutum uku. Na farko ya sa miliyan 5, na biyu miliyan 3, na uku miliyan 2, kuma sun yarda a raba riba da asara gwargwadon jarin kowa. Ya yi lissafi da sauri: a cikin giɓin miliyan 4, na farko zai kawo miliyan 2, na biyu miliyan 1.2, na uku naira 800,000. Daidai ne. Sai na ƙara masa sharaɗi biyu. Na ce na biyun ne ya karɓo kayan shi kaɗai, sauran ba su sani ba. Na kuma ce na ukun ba shi da ko sisi.

A nan ya tsaya. Ya ce, "Malam, ai wanda ya karɓo shi zai biya. Ni ban ci nanin ba, don me nanin za ta ci ni?" Amsar tana cikin Dokar Kasuwancin Tarayya ta Ingila ta 1890, wadda littattafan Kwamas suka gina bayaninsu a kanta. Kowane abokin tarayya wakilin sauran ne a harkar da aka saba yi a wannan kasuwanci. Wanda ya karɓo sukari da sunan shagon sukari ya ɗaure su duka. Da fili ya saya da sunan shagon, da maganar ta bambanta. Game da wanda ba shi da kuɗi kuwa, rabon 5, 3, 2 yarjejeniya ce a tsakaninsu, dila ba ya ciki. Shi miliyan 4 ɗinsa yake nema, kuma yana iya samun su daga dukiyar duk wanda ke da ita a cikinsu. Naira 800,000 ɗin na uku sai ta koma kan sauran biyun: na farko ya ƙara 500,000, na biyu 300,000. Wanda ya shiga da miliyan 5 ya rasa su, ya kuma ciro miliyan 2.5 daga aljihunsa saboda cinikin da bai halarta ba.

Abokin tarayyar da ba ya zuwa shago shi ma a nan muka warware shi. Ɗalibin ya ɗauko fahimtarsa ne daga mudaraba, inda wani ke ba da jari wani ke juyawa, kuma idan an yi asara ba da sakaci ba mai jari jarinsa ya tafi, mai aiki wahalarsa ta tafi. A tarayya ta gama-gari da jarrabawa ke nufi, rashin zuwa shago ba ya rage alhaki. Wanda alhakinsa ke tsayawa a kan jarinsa shi ne wanda aka yi wa rajista a matsayin haka a cikin tarayya mai iyaka, da sharaɗin ba zai sa hannu a gudanarwa ba, kuma dole a samu aƙalla mutum ɗaya a cikinsu wanda ke ɗauke da alhaki mara iyaka.

Na uku muka mayar da shagon kamfani mai hannun jari miliyan 10, kowanne naira ɗaya. Na farko ya riƙe miliyan 5 ya biya duka, na biyu miliyan 3 ya biya duka, na uku miliyan 2 amma kobo 75 ya biya a kowanne. Na sake tambaya: nawa ake bin kamfanin? Ya ce miliyan 6, tun da iyakar abin da yake da shi ke nan. Na ce ya sake karanta takardar dila. Miliyan 10 ake bin kamfanin, ba a rage masa kobo ba, kuma duk abin da ya mallaka za a sayar a biya. Waɗanda aka yi wa iyaka su ne masu hannun jari, kuma iyakar ita ce abin da ya rage ba su biya ba a kan hannun jarinsu. Na farko da na biyu ba a neman komai a wurinsu. Na uku zai kawo kobo 25 sau miliyan 2, wato naira 500,000. Kuɗin biyan bashi ya zama miliyan 6.5. Idan muka ajiye kuɗin aikin rufe kamfani da masu fifiko a biya, dila zai samu kobo 65 a kowace naira, ya yi asarar miliyan 3.5, kuma ba shi da ikon taɓa gidan kowa.

Wannan bai kwanta masa ba, ya ce zalunci ne. Sai na ba shi labarin shari'ar Salomon, wadda Majalisar Dattawan Ingila, a matsayinta na kotun ƙoli a lokacin, ta yanke kuma aka san ta da shekarar 1897. Aron Salomon mai sana'ar takalma ne a Landan. A 1892 ya mayar da sana'arsa kamfani, ya riƙe hannun jari 20,001 cikin 20,007, matarsa da 'ya'yansa biyar kowa ɗaya. Da kamfanin ya durƙushe, aka nemi a kama shi da kansa, bisa hujjar cewa kamfanin shi ne, sauran shidan suna ne kawai. Kotu ta ce a'a: tun da an cika ƙa'idar rajista, kamfanin mutum ne daban a idon doka, bashinsa nasa ne. Game da zaluncin da ya ambata, na nuna masa amfanin Ltd ɗin da doka ta tilasta a rubuta a ƙarshen suna. Gargaɗi ne ga duk mai ba da kaya bashi, cewa dukiyar kamfani kaɗai zai iya bi. Shi ya sa banki ba ya cika ba ƙaramin kamfani rance sai daraktansa ya sa hannu ya tsaya da kansa, ko ya ba da takardar gidansa jingina. Idan ya sa wannan hannu, gidan ya shiga, amma ta ƙofar alkawarin da ya ɗauka, ba ta ƙofar hannun jarinsa ba.

Mutuwa da jari: Fabrairu 2024

Shagon dai shi ne, sai muka ce mai kaso mafi tsoka ya rasu.

A kasuwancin mutum ɗaya ya yi gardama mai ƙarfi, kuma yana da hujja. Kakansa ne ya buɗe shagon da kawunsa ke ciki, ga shi har yau ana ciniki, to ina rashin ɗorewar? Na ce ya tambayi kawunsa abin da ya faru bayan rasuwar. Ya dawo da bayani: an rufe shagon na wani lokaci, an ƙirga kaya, an biya masu bin bashi, an ƙiyasta sauran an sa a rabon gado, sannan kawun ya sayi kason 'yan'uwansa mata, ya buɗe sabon asusun banki, ya koma wajen diloli ya nemi su amince da shi kamar yadda suka amince da mahaifinsa. Ɗaya daga cikinsu ma bai yarda ya ba shi kaya bashi ba sai bayan ya gwada shi. Da ya gama ba da labarin shi da kansa ya ce, "Ashe sabon shago ne a tsohon ɗaki."

Tarayya ba ta ɗauke mu lokaci ba. Dokar 1890 ta ce mutuwar abokin tarayya ɗaya ko karyewarsa tana rushe tarayyar, sai dai idan sun yi yarjejeniya a kan akasin haka. Wannan togaciyar ita ce jadawalin ya haɗiye da ya rubuta "babu" kawai. Ko da an yi yarjejeniyar ci gaba, magada ba sa zama abokan tarayya kai tsaye. Haƙƙinsu shi ne a fitar musu da darajar kason mamaci. Idan kason nan rabin jarin shago ne, kamar a misalinmu, fitar da shi kaɗai ya isa ya gurgunta cinikin.

A kamfani kuwa abin da mamaci ya bari hannun jari miliyan 5 ne, ba buhunan sukari ba. Buhunan na kamfani ne. Hannun jarin ake rabawa magada, a canja suna a rajistar mambobi, amma asusun banki, hayar shago da kwangilar dila suna nan da sunan da suke. Kamfani ba ya ƙarewa sai an bi matakan rufe shi an cire sunansa daga rajistar CAC. Bankin First Bank ya faro ne a 1894 da sunan Bank of British West Africa. Babu ko ɗaya daga masu hannun jarinsa na farko da ke raye.

Da muka zo kan jari, sai na juya tambayar. Na ce shagon yana son ƙarin naira miliyan 50, kuma ga wani Alhaji a Dawanau yana da kuɗin amma bai san su ba. A wace siga zai yarda ya saka? Ɗalibin ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga mutum ɗaya, Alhajin sai dai ya ba da rance, domin da zarar ya zama mai kaso an bar kasuwancin mutum ɗaya. Don haka hanyoyin mai shago su ne tanadinsa, adashi, taimakon dangi, kaya bashi daga dila, rancen banki gwargwadon jinginarsa, da ribar da ya mayar ciki. A tarayya, sai duk abokan sun amince kafin a shigar da shi, adadinsu ba ya wuce 20 in ban da irin lauyoyi da akantoci, kuma idan ya shiga, gidansa na cikin haɗari saboda cinikin mutanen da bai sani ba. A kamfani kuwa ya san iyakar asararsa tun ranar da ya saya, mutuwar wani ba ta rusa harkar, kuma akwai hanyar sayar da kasonsa ya fita.

Daga nan muka gyara kuskurensa na Oktoba. Kamfanin Ltd rufaffe ne: mambobinsa ba sa wuce 50, ba a ƙirga ma'aikatansa, kuma ba ya tallata hannun jarinsa ga jama'a. Wanda ke gayyatar jama'a shi ne mai Plc, ta hanyar takardar bayanin tayi da Hukumar SEC mai sa ido kan cinikin hannun jari ta amince da ita, kuma yana iya shiga kasuwar hannun jari ta NGX, kamar yadda Dangote Cement ya shiga a 2010 da bankin Jaiz a 2017. Ba kowane Plc ne ke cikin kasuwar ba, kuma Plc ba kamfanin gwamnati ba ne, abin da ɗalibai da yawa ke ruɗewa a kai. Shi kuma dibenca, da ke yawan fitowa a zaɓi, takardar rance ce: mai riƙe da ita mai bin kamfani bashi ne, ba mai kaso ba.

Sabuwar matsala: Maris 2024

A gwajin farkon Maris ya ci 17 cikin 20 a zaɓi, har da 8 cikin tambayoyi 10 masu labari. Tiyori kuwa ya tsaya a 11. Yanzu ya san dalili, sai ya koma rubuta labari. A kan batun alhaki kaɗai ya cika rabin shafi da dila da mutum uku, lokaci ya ƙare yana kan bambanci na uku cikin biyar. Tambayoyi 5 cikin minti 120 na nufin minti 24 ga kowace, kuma shi ya cinye fiye da rabin wannan a batu ɗaya.

Gyaran da muka yi shi ne kowane batu ya zama jimla mai gaɓa uku: ma'aunin da ake kwatantawa a kai, matsayin kowane ɓangare, sai dalili a taƙaice. Misali: "Ta fuskar alhaki, abokan tarayya suna biyan bashi har da dukiyarsu ta kansu, alhali mai hannun jari ba ya wuce abin da ya rage bai biya ba a kan hannun jarinsa, domin kamfani mutum ne daban a doka." Idan tambaya ta ce a jera a jadawali, sai ya ja layi ya sa ma'auni a hagu. Idan ta ce a ambata kawai, ya yar da gaɓar dalili. Jadawalin makaranta ya dawo aiki a nan, amma yanzu shi yake cika akwatunan da kansa daga misalin shago.

A wannan watan ne kuma ya zo da saɓani tsakanin littattafai. Wani tsohon littafi ya ce kamfanin Plc yana farawa daga mutum 7, wani ya ce 2, kuma ya ji a rediyo cewa mutum ɗaya ma yana iya kafa kamfani. Kowanne yana da asali. Bakwai ɗin daga Dokar Kamfanoni ta 1968 ta fito. Dokar CAMA ta 1990 ta mayar da shi 2 ga kowane kamfani. Dokar CAMA ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta 2020, ta ba mutum ɗaya damar kafa rufaffen kamfani, ta sa mafi ƙarancin jarin hannun jari naira 100,000 ga Ltd da miliyan 2 ga Plc, ta kuma kawo LLP, tarayyar da ke da matsayin mutum daban a doka. Shawarar da na ba shi ita ce a tiyori ya rubuta adadin da littafinsu ya koyar, ya ƙara jimla ɗaya ta abin da dokar 2020 ta ce tare da ambaton sunanta. A zaɓi kuma ya duba abin da aka jera masa. Idan "2 zuwa 50" ne kaɗai ya dace da rufaffen kamfani a cikin huɗun, ya ɗauka, kada ya tsaya gardama da takarda.

Sakamako: Afrilu zuwa Agusta 2024

A gwaji na ƙarshe a Afrilu ya ci 18 cikin 20 a zaɓi da 16 cikin 20 a tiyori, kuma ya gama cikin minti 22. Biyun da ya faɗi a zaɓi, ɗaya a kan dibenca ce, ɗaya a kan abokin tarayyar da ya yi ritaya. Ya ɗauka fitarsa ta wanke shi, alhali bashin da aka ci yana ciki yana nan a wuyansa, sai in mai bin bashin ya yarda ya sauke masa. Ya zana WAEC, kuma da sakamako ya fito a Agusta ya samu B3 a Kwamas. WAEC daraja take bayarwa, ba makin kowace tambaya ba, don haka gwaje-gwajen lesin ne ma'aunin wannan babi, ba B3 ɗin ba.

Hukunci

Jadawalin ba ƙarya ya yi ba, kuma shi ya ɗaga shi zuwa 9 cikin 10 a tambayoyin kai tsaye. Aibinsa shi ne ya jera alhaki, ɗorewa da jari kamar abubuwa uku ne masu zaman kansu, alhali dukkansu daga tushe ɗaya suke fitowa: shin doka ta raba kasuwancin da mai shi ko ba ta raba ba. Idan ta raba, bashi na kamfani ne, mutuwar mai kaso ba ta taɓa shi, kuma baƙo zai yarda ya saka kuɗi. Ɗalibin da ya riƙe akwatuna tara ba tare da wannan ba, da zarar an sa masa kobo 70 ko abokin da ba ya zuwa shago, ba shi da abin da zai yi lissafi da shi. Tsofaffin tambayoyi ma haka: sun koya masa gane amsar da ya taɓa gani, ba su koya masa fito da wadda bai gani ba.

Misalin shago ya yi aiki ne saboda adadin bai canja ba. Bashi miliyan 10, kaya miliyan 6, sigar ce kawai ke juyawa, don haka duk bambancin da ya gani a sakamako ya san daga sigar ya fito. Sanin kasuwarsa, wanda ya ruɗe shi a kan satifiket da mudaraba, shi ne kuma ya fi kowane bayani nawa tasiri a batun ɗorewa, domin kawunsa ne ya ba shi amsar. Amma fahimta ita kaɗai ta bar shi a 11. Maki biyar na ƙarshe daga tsarin jimla da kiyaye minti 24 suka zo, kuma a ganina da an fara masa da wannan tsari tun Nuwamba da ba abin da zai zuba a gaɓar dalili.

Hanyar tana da tsada. Babi ɗaya ya ci kusan wata biyu na lesin, a manhajar da ke da inshora, sufuri, banki da cinikin ƙasa da ƙasa suna jira. Ta kuma bar gurbi: misalin shagon bai taɓo fitar abokin tarayya ko shigar sabo ba, kuma daidai nan ya faɗi a Afrilu. A ajin bana na ƙara wa misalin mataki na huɗu, inda mai miliyan 3 zai yi ritaya wata ɗaya bayan an karɓo sukarin, wani sabo ya shiga da miliyan 3 a madadinsa, a tambayi ɗalibai wanne daga cikin biyun dila zai bi.